Kafin wa'adin gwaji ya cika: a tabbatar, a ƙara, ko a sallama?

Shekaru kaɗan da suka wuce na zauna a kan benci a ofishin sufeton ƙwadago na nan Damagaram, da fayil a cinyata wanda babu komai cikinsa sai kwafin parmin tuƙi. Ni ke riƙe da takardun ma'aikata a wani gidan sari na shinkafa, sukari da mai, ba nisa da kasuwar Dole. Direban da muka sallama yana zaune a ɗaya gefen, ya ɗora hularsa a gwiwa. Da baki muka ɗauke shi, aka ce masa, "Za mu gwada ka wata uku." Ya yi kwana saba'in da 'yan kai, muka ga tuƙinsa bai kwanta mana ba, aka ce ya ajiye makulli. A tunaninmu gwaji ne bai ci ba, shi ke nan.

Tambaya ɗaya sufeton ya yi mini: "Malam, ina takardar gwajin?" Babu. Ya ce in babu rubutu, to babu gwaji, mutumin nan cikakken ma'aikaci ne tun ranar da ya fara, kuma abin da muka yi kora ce ba bisa ƙa'ida ba. Muka biya albashin wata guda a madadin sanarwar da ba mu ba shi ba, muka biya kuɗin hutunsa, muka ƙara wani abu na sulhu don kada maganar ta kai kotu. Kuɗin ba su ne suka fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin kwana saba'in ɗin nan babu wanda ya taɓa zaunar da mutumin ya gaya masa abin da yake yi ba daidai ba. Ya yi gaskiya da ya ce mun zalunce shi.

Tun daga ranar na ɗauki lokacin gwaji, wanda 'yan biro ke kira ese, a matsayin aiki mai ranar farawa, ranar ƙarewa da takardu a tsakani.

Dokar da ke kan wannan magana ita ce dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012. Ta shafi masu aiki a gidajen kasuwanci, kamfanoni da ƙungiyoyi. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu tsarin daban. Abin da ta shimfiɗa bai da yawa, amma kowane ɗaya yana da nauyi. Gwaji sai da rubutu, sabunta shi ma sai da rubutu. A kwantarar da ba ta da wa'adi, gwaji ba ya wuce wata shida, har da ƙarin da aka yi, sai ga wanda aka ɗauko daga wajen ƙasa, shi ana iya kaiwa shekara. A kwantara mai wa'adi, irin wadda ƙungiyoyin agaji ke yawan ba matasanmu, ba ya wuce wata guda. Muddin ana cikin gwajin, kowane ɓangare na iya cewa ya fasa, ba tare da wa'adin sanarwa ba, ba tare da kuɗin sallama ba. In kuwa wa'adi ya cika mutum ya ci gaba da zuwa aiki, ba a sabunta ba, ba a sallame shi ba, ya zama cikakken ma'aikaci, kuma lissafin daɗewarsa yana farawa daga ranar farko ta gwajin.

Wata shidan nan ne ke ruɗar masu gida da yawa. Suna jin "wata shida" sai su ɗauka kowa ana iya gwada shi haka. Rufin ɗaki ne kawai, ba tsawon kowa ba. Tun yarjejeniyar gama-gari ta 15 ga Disamba 1972 tsakanin masu ba da aiki da ƙungiyoyin ƙwadago aka raba abin aji-aji: mai karɓar kuɗin awa ko na yini kwana takwas, mai albashin wata wata guda, masu kula da sashe da manyan ma'aikata har wata uku, sai manyan shugabanni da ke kaiwa shida. Saboda haka kafin a rubuta tsawon gwaji a kwantara, sai an fara sanin ajin aikin, a buɗe yarjejeniyar da ke aiki a ranar a duba abin da ta ce kan wannan ajin. Direbanmu, ko da mun rubuta wata ukun nan baƙi a kan fari, da ba ta tsaya ba, don ajinsa na wata guda ne.

A farkon Maris na 2025 muka ɗauki wani saurayi mai kula da sito. Ɗan Garin Malam ne, ya yi karatun lissafin kuɗi, kuma wani dattijo da Alhaji, maigidanmu, ke jin kunyarsa ne ya kawo shi. Albashi jikka 90 a wata. Wannan karon mun rubuta kwantara, kwafi biyu, da layi guda da ke cewa gwaji wata ɗaya ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya da rubutu. Ya sa hannu kafin ya taɓa makullin sito, ba bayan mako guda ba. Wannan ma abin lura ne: takardar gwajin da aka sa wa hannu bayan mutum ya riga ya fara aiki abar jayayya ce, don yana iya cewa da aka ɗauke shi babu maganar gwaji. Muka kuma kai sunansa asusun kula da ma'aikata na CNSS tun makon farko, saboda ɗan gwaji ma'aikaci ne, in buhu ya faɗo masa a ƙafa haɗarin aiki ne kamar na kowa.

Ya fara ranar Litinin 3 ga Maris. Abu na farko da na yi shi ne ƙirga ranar ƙarshe. Wata guda daga 3 ga Maris yana cika ne a ƙarshen yinin 2 ga Afrilu, ba 3 ga wata ba. Kwanakin kalanda ake ƙirgawa, da Lahadi da ranakun salla duk a ciki. In ya shigo sito da safiyar Alhamis 3 ga Afrilu ya ɗaga katin kaya ɗaya ya rubuta, magana ta ƙare, shiru ma magana ce, kuma abin da shirunmu ya ce shi ne mun tabbatar da shi. Na rubuta 2 ga Afrilu da jan biro a bangon fayil, na kuma rubuta 24 ga Maris a ƙasanta: ranar zama. Kwana tara na bari a tsakani, don Alhaji mutum ne mai tafiya, yau Kano gobe Maraɗi, kuma ga ƙaramar salla tana zuwa a ƙarshen watan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaman ƙarshen gwaji ba shi da amfani in ba a tara komai ba tun farko, don kowa zai zo ne da abin da ya tuna, kuma abin da mutum ke tunawa shi ne abin da ya faru shekaranjiya, ko abin da ya ɓata masa rai. Saboda haka a ranar farko na ba saurayin takarda mai shafi ɗaya, na karanta masa da Hausa, ko da yake da Faransanci aka rubuta. Ta ce ga abin da za a duba: kowane kaya da ya shiga ko ya fita a rubuta shi a katinsa a ranar, kada buhu ya fita babu bon mai sa hannu, duk Asabar a ƙirga kaya biyar mafi saurin tafiya a gwada da kati, ya iya sauke babbar mota shi kaɗai, ya iya ƙirgar ƙarshen wata. Ba mu rubuta "ladabi" ko "ƙwazo" ba. Ba don ba su da daraja ba, sai don ba a ƙirga su, kuma da irin waɗannan kalmomi ne ake fakewa a kori wanda ba a so, ko a riƙe wanda ake jin kunyar mai kawo shi.

Ga abin da kaye ɗina ya ƙunsa da muka zo zama.

Asabar ta farko, kati ya ce buhun sukari 212, ƙasa ta ce 209. Uku sun ɓace. Da a ce ban bi sawu a ranar ba, da wannan layin kaɗai ya isa a ce yaron hannunsa ba shi da kyau, kuma a garin nan in wannan kalmar ta fita a kan mutum, ba ta komawa. Na tambaye shi. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini kira daga Alhaji ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintoci. Alhaji ne ya ce a ba wani abokin ciniki buhu uku, bon zai biyo baya. Bon bai biyo ba. Na rubuta abin yadda yake: buhu uku sun fita da umarnin maigida ta waya, mai sito bai rubuta a kati ba, bai nemi bon ba kafin a tashi. Laifin nasa rabi ne, na biyun na gidan ne. Muka sa hannu mu biyu a ƙasan layin.

Asabar ta biyu ta fi damuna, ko da yake a ido ta fi kyau. Bidon mai na lita 25 ya yi rarar biyu: kati 64, ƙasa 66. Wanda bai san sito ba zai ce ai alheri ne. Rara a sito alama ce mara kyau kamar giɓi, wani lokaci ma ta fi, don tana nufin an rubuta kaya sun fita alhali ba su fita ba, wato akwai wanda ya biya kuɗi bai samu kayansa cikakke ba. Haka kuwa aka yi, wani mai shago na Mirya ne aka loda wa 18 maimakon 20. Da na bincika yadda abin ya faru, sai na gano saurayin yana rubuta fitar kaya a guntun kwali lokacin cunkoso, ya bari sai bayan la'asar ya kwashe zuwa kati, kuma daga bon yake kwafa, ba daga abin da ya ƙirga a bakin mota ba. Wannan kuskuren hanyar aiki ne, ba na hali ba, kuma irinsa yana gyaruwa in an faɗa da wuri. Na gaya masa a ranar, na nuna masa ya riƙa tsayawa a bakin mota da bon a hannu yana yin alama ɗaya-ɗaya. Na rubuta ranar da na gaya masa. Asabar ta uku kaya biyar ɗin duka suka yi daidai.

Makara sau biyu, minti ashirin da rabin awa, duka a makon da famfon unguwarsu ya ƙafe. Na rubuta, ban ba abin nauyi ba.

Ranar Litinin 24 ga Maris muka zauna da Alhaji bayan azahar, kafin a kira yaron. Hanya uku ce a gabanmu, kuma Alhaji ya fara da ta tsakiya, kamar yadda kusan kowane maigida ke yi.

"A ƙara masa wata ɗaya mana, mu gani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, me za mu gani?"

Wannan tambayar ita ce ƙashin bayan maganar duka. Ƙarin gwaji shi ne zaɓin da aka fi zalunta, don shi ne mai daɗin faɗa. Ba a ɓata wa dattijon da ya kawo yaro rai ba, ba a kuma ɗaure kai ba. Na ga gidajen da ake ƙara wa mutum wata alhali kowa ya riga ya san ba za a riƙe shi ba, ana jiran lokacin cunkoso ya wuce ne kawai, ko ana jin nauyin faɗa masa. Wannan cin amana ne, domin a cikin watan nan da ya yi yana fata, wataƙila ya ƙi wani aikin. Na kuma ga inda ake ƙara wa wanda ya riga ya nuna ya iya, don a ci gaba da riƙe shi a tsorace. Ƙari yana da hujja ne a hali ɗaya: akwai wani sashe na aikin, wanda za a iya kiran sunansa, da ba a samu damar gani ba, ko wani gyara da aka fara gani amma bai daɗe ba har a amince da shi. In ba ka iya rubuta abin da kake jira a layi biyu ba, to ba ƙari kake bukata ba, ka riga ka san amsa, faɗarta ce ke yi maka nauyi.

A kan wannan saurayin, layi biyun sun samu. Na farko, bai taɓa sauke babbar mota shi kaɗai ba. Mota biyu suka zo a watan, kuma saboda hadahadar azumi tsohon mai sito ne ya tsaya a kansu, shi yana kallo. Na biyu, ƙirgar ƙarshen wata za ta faɗo cikin hutun salla, ba za a yi ta da kyau ba kafin 2 ga Afrilu. Waɗannan biyun kuwa su ne rabin aikin. Ga kuma gyaran hanyar rubutu da mako ɗaya kacal muka gani. Ba laifinsa ba ne da ba a ga waɗannan ba, mu ne ba mu ba shi filin ba, kuma na so a rubuta haka a takardar.

Na gwada wa Alhaji sauran hanyoyin biyu don ya ga nauyinsu. In mun tabbatar da shi yanzu, daga baya muka ga bai iya sauke mota ba, rabuwa za ta zama kora: sai da dalili mai ƙarfi da za a iya nunawa, sai da rubutacciyar sanarwa, sai da wa'adi, kuma yana da damar kai ƙara gaban sufeto, in sulhu ya ƙi a wuce kotun ƙwadago. In kuma mun sallame shi ranar 2 ga Afrilu, lissafin mai sauƙi ne: albashin wata cikakke jikka 90, da kuɗin hutun da ya tara, kwana biyu da rabi a wata, wato jikka 7 da rabi, jimla sefa 97.500 kafin a cire kason asusu, sannan takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar shiga, ranar fita da irin aikin da ya yi, ba tare da wata kalmar suka ba. Arha ce ga gida. Amma na ce wa Alhaji, da me za mu kafa hujja a gaban Allah? Giɓin sukari da wayarsa aka yi shi, rarar mai kuwa an gyara.

A nan akwai wani abu da mutane ke fahimta a karkace. Tunda doka ba ta tilasta a faɗi dalilin fasa gwaji ba, wasu na ɗauka kowane dalili ya halatta. Ba haka ba ne. Dokar ta 2012 ta hana a yanke wa ma'aikaci hukunci, tun daga ɗauka har rabuwa, saboda jinsi, shekaru, addini, asali, ra'ayin siyasa, naƙasa ko shiga ƙungiyar ƙwadago, har ta ambaci cutar sida da ciwon sikila da sunansu. Gwaji na auna iya aiki ne. Wanda ya sallami mace kwana uku bayan ta ce tana da juna biyu, ko saurayi bayan an ji yana da sikila, ko ya fasa don ciniki ya ja baya yana son rage baki, bai yi amfani da gwaji don abin da aka yi shi ba, kuma ana iya tuhumarsa. Abin da zai raba mai gaskiya da mai fakewa a ranar shi ne kayen nan mai kwanan wata, wanda aka cika tun kafin a san za a rabu. Takardun da aka zauna aka rubuta dare ɗaya bayan rigima ta tashi ana gane su: biro ɗaya, hannu ɗaya, babu sa hannun ma'aikaci ko sau ɗaya.

Muka kira shi. Ya shigo ya durƙusa ya gaida Alhaji, fuskarsa ta nuna ya zaci sallama ce. Na fara da ba shi dama ya faɗi nasa, don shi ma yana gwada mu ne, kuma yana da ikon cewa ya fasa. Da ƙyar ya buɗe baki. Ya ce abin da ke ba shi wuya shi ne a kira shi a waya a ce ya saki kaya, ba ya iya ce wa maigida a'a. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ka yi gaskiya. Daga yau ko ni na kira, ka ce sai bon ya zo." Na rubuta wannan ma, don alkawari ne daga gida, kuma in ba a cika shi ba ba mu da bakin kama yaron da giɓi irin na farko.

Takardar ƙarin gajeriya ce. Ta ambaci kwantarar 3 ga Maris da layin da ya ba da damar sabuntawa. Ta ce an sabunta gwajin sau ɗaya, daga 3 ga Afrilu zuwa 2 ga Mayu, albashi da matsayi ba su canza ba. Ta faɗi abu biyun da za a duba, ta faɗi cewa gida ne zai ba shi mota ya sauke shi kaɗai, ta sa ranar zama na gaba. A ƙasa akwai wurin da ya rubuta da hannunsa cewa ya karanta ya amince, da kwanan wata, da sa hannu. Ranar Laraba 26 ga Maris aka yi wannan, mako guda kafin wa'adi. Kwanan watan da ya rubuta da hannunsa ya fi komai muhimmanci a takardar, domin ƙarin da aka miƙa bayan wa'adi ya cika ba ƙari ba ne, ba a sabunta abin da ya riga ya ƙare. Kwafi ɗaya gare shi, ɗaya a fayil. Saƙon waya ko faɗa a gaban shaidu ba ya maye gurbin wannan, ko da shaidun limamai ne.

Da ya ƙi sa hannu fa? Da sai mu zaɓa tsakanin biyun da suka rage kafin 2 ga Afrilu, don ba a tilasta ƙari. Kuma bayan wannan ƙarin babu wani. Na jaddada wa Alhaji haka, don na san halin ciniki: in Mayu ta zo yana Kano, zai ce a ɗan ƙara mako biyu. Babu mako biyu.

A tsakiyar Afrilu motar shinkafa ta zo, tan 30, buhu 600 masu kilo 50. Zafin Damagaram na wannan lokacin ba sai an faɗa ba. Na tsaya daga nesa, ban sa baki ba. Ya jera 'yan dako layi ɗaya, ya hana a sauke ta gefe biyu a lokaci guda, ya sa a tara buhu goma-goma a tsaye yadda ido zai iya ƙirgawa. Ya ware buhu huɗu da ɗinkinsu ya buɗe, ya ɗora su a sikeli, ya rubuta ragin kilo 11 a jikin bon ɗin kawo kaya, ya sa direban ya sa hannu kafin ya tayar da mota. Direban ya yi ta faɗa yana cewa tun da yake zuwa gidan nan ba a taɓa tsare shi haka ba. Yaron bai ɗaga murya ba, bai kuma saki takardar ba. Da yamma na rubuta layi huɗu a kaye, na kira shi ya karanta ya sa hannu.

Ƙirgar ƙarshen wata muka matso da ita zuwa 28 da 29 ga Afrilu, saboda 1 ga Mayu hutun ma'aikata ne, 2 ga wata kuma Juma'a ce, ranar ƙarshe, ba na son hukunci ya kai can. Kaya iri 38 ya ƙirga. Iri 37 suka yi daidai da kati. Na ƙarshen katan ɗin tumatirin gwangwani ne, giɓin ɗaya, kuma kafin in tambaya ya fito da takardar da ke nuna an ware shi tun 9 ga wata saboda gwangwanayen sun kumbura.

Tabbatarwa ba ta bukatar takarda a doka, da mun yi shiru ma ta tabbata. Duk da haka mun rubuta, kuma ina ganin ya kamata kowane gida ya rubuta. Mutumin da ya yi wata biyu yana kwana da tunanin ko za a riƙe shi ya cancanci a gaya masa a fili, ba ya wayi gari yana lissafi da yatsu ko wa'adi ya wuce ba. Takardar tana kuma rufe wata ƙofar rigima ta gaba: ta ce an tabbatar da shi a matsayin mai kula da sito, a ajinsa, da albashinsa, kuma daɗewarsa tana farawa daga 3 ga Maris 2025, ba daga Mayu ba. Shekaru masu zuwa, in aka zo lissafin hutu ko kuɗin daɗewa, wannan ranar za a nema.

Ranar Laraba 30 ga Afrilu Alhaji ya sa hannu, saurayin ya sa nasa. Fayil ɗinsa a ranar yana da kwantara, shafin abin da za a duba, shafi uku na kaye masu sa hannun mutum biyu, takardar ƙari, takardar tabbatarwa da shaidar rajistar asusu. Tsohon mai sito ya ciro makulli na biyu daga aljihun rigarsa ya miƙa masa, Alhaji kuma ya ce a aika wa dattijon Garin Malam cewa yaronsa ya zauna.